Gwaji Uku da Suka Ƙi Wucewa

Hadizatu Gwadabe tana zaune ƙarƙashin rumfa a gidansu na Omdurman, tana tsintar shinkafa, sai wayarta ta yi ƙara. Tun da aka fara harbe-harbe a cikin azumi sabis ya koma sai ya ga dama. Ta ɗauka ba da sauri ba. A kwanakin farko ne take zabura, lokacin da take zaton mijinta ne.

Mika'ilu ya fita ne bayan salla da 'yan kwanaki. Ya haye gada zuwa Bahri don ya duba shagonsa na walda, ya kuma nemo wa mahaifiyarsa Gogo allurar ciwon suga, domin an ce akwai kantin magani ɗaya da ke buɗewa a can. Bai dawo ba. Wayarsa ta yi ta ringi kwana biyu, daga nan ta mutu.

Saƙon imel ne daga Ashafa, ɗalibinta na ajin farko a sashen kwamfuta na jami'ar da take koyarwa. Da Larabci ya rubuta.

“Salamu alaikum ya Daktora. Na yi aikin gidan da kika ba mu, amma cikin gwaji goma uku sun ƙi wucewa, na huɗu da na bakwai da na tara. Na duba har na gaji ban ga kuskuren ba. Don Allah ki duba mini. Malesh, ki yi haƙuri da damuwa.”

Ta karanta, ta sake karantawa. Jami'a a rufe take, an ce ma sojoji ke kwana a azuzuwa. Ita kanta ta manta ta ba da wani aiki. Ba ta ji haushi ba, ba ta kuma ji dariya ba. Ta ajiye faifan shinkafa ta buɗe abin da ya liƙo.

Aikin ƙarami ne: a rubuta shiri da yaren kwamfuta na Python wanda zai karɓi jerin lambobi ya fito da mafi girmansu, ba tare da an kira max, umarnin da ke yin hakan da kansa, ba. Ta ba su fayil na gwaji, wanda ke zuba wa shirin jeri iri-iri, ya ce ya wuce ko bai wuce ba, amma ba ya nuna abin da ya zuba. Layi shida Ashafa ya rubuta. Tana kallo ta ga kuskure biyu. Ya fara da ɗaukar sifiri a matsayin mafi girma, saboda haka in duk lambobin ƙasa da sifiri suke, sifirin zai dawo da shi, alhali babu shi a jerin. Sannan ya rubuta range(len(a) - 1), wato zagayen yana tsayawa kafin lambar ƙarshe.

Gogo ta yi kira daga ɗaki. “Hadizatu, shi ne?”

“A'a Gogo, ɗalibi ne.”

“Ɗalibi kuma? A wannan hali?”

“To.”

Ba ta saba ba ɗalibi amsa a hannu ba, yau ma ba ta ba shi ba. Ta rubuta: “Ka ɗauki biro. Ka bi shirinka layi-layi da -5, -2, -9, ka ga me zai ba ka. Sannan ka bi shi da 1, 2, 8, ka ga ko ya taɓa duba 8 ɗin.” Har za ta tura sai ta tuna wata rana da ya makara, ya ce motar Bahri ce ta tsaya a kan gada.  Sai ta ƙara layi ɗaya da Hausa, don ta san shi ma, kamar ita, jikan mahajjatan Hausawa ne da suka zauna a ƙasar nan: “Har yanzu kuna Bahri?”

Amsa ba ta zo ba sai washegari da hantsi. Ya ce ya gane, ya fara da a[0], wato lambar farko ta jerin, maimakon sifiri, ya cire -1 ɗin, goma duka sun wuce. Ya ce batirin motar babansa yake jona wa kwamfutar, domin in bai sa kansa wani abu ba sai ya zauna yana ƙirga ƙarar bindiga. Kuma e, suna Bahri, babu ruwan famfo, daga kogi suke ɗebowa.

Ta rubuta masa sunan mijinta, da layin da shagon yake, da kalar jallabiyar da ya fita da ita. Ta tura hoto. Ta ce kada ya fita saboda wannan, in dai ya ji wani abu ne kawai. Tana turawa ta san zai fita. Ta nemi abin da ya kamata ta ji game da aika ɗan mutane cikin harsashi, ba ta samu komai ba. Ta tashi ta ɗora tukunya.

Kwanakin da suka biyo duk iri ɗaya ne. Ta auna wa Gogo ragowar allura, rabin abin da likita ya ce. Ta jiƙa tsumma ta naɗe kwalbar ta sa a gindin randa, tunda firji ya mutu. Maƙwabta suna ta ɗaure kaya a kan motoci. Sittana ta gidan da ke kallonsu ta leƙo ta ce akwai wuri biyu a motar ƙaninta mai zuwa Madani.

“Sai Mika'ilu ya dawo,” in ji Gogo.



Ran Laraba bayan azahar saƙon Ashafa ya shigo. Wannan karon da Hausa zalla ya rubuta, Hausar baka da bai saba rubutawa ba.

“Daktora, na bi ta layin da jarka zan je kogi. Shagon a kulle yake, ba a taɓa shi ba. Na nuna wa limamin masallacin layin hoton. Ya gane shi. Ya ce harsashi ne ya same shi a bakin kantin magani, bai daɗe ba ya cika. Su suka yi masa sutura da salla, suka binne shi a filin bayan masallaci don ba a iya kaiwa maƙabarta. Sun sa alama. Katinsa da makullansa da ledar maganin suna wajen liman. Allah Ya jiƙansa. Ki yafe mini da ni na faɗa miki.”

Akwai hoto. Katin Mika'ilu ne a kan tabarma, da makullin da ta ɗaura wa jan zare.

Ta zauna a bakin gadon igiya. Can wajen kogi ana ta buga manyan bindigogi, kaza tana tono a gindin lemo. Ta jira kuka ya zo, bai zo ba. Ta rubuta: “Amin. Na gode. Kada ka sake bin layin nan.” Ta tsaya har ta ga saƙon ya tafi.

Sannan ta cire 'yan kunnenta da awarwaro ta sa a aljihu, ta shiga ɗaki. Gogo tana kishingiɗe da carbi. Ta dubi kunnuwan Hadizatu, ta dubi hannuwanta.

“A ina?” ta ce.

“Bahri. An yi masa salla, Gogo. Liman ne da kansa.”

Tsohuwar ta yi salati, ta juya fuska bango. Hadizatu ta zauna kusa da ita tana riƙe da ƙafarta har aka kira la'asar. Da ta idar da salla ta yafa mayafi ta tsallaka gidan Sittana, ta tambaya ko wuri biyun nan yana nan.

“Ke da takaba?” in ji Sittana, bayan ta gama kuka.

“Allurar Gogo ba za ta kai Juma'a ta sama ba. Zan yi takabar a can.”

Da sassafe suka tashi, da jaka ɗaya da kwalbar a cikin jiƙaƙƙen tsumma. Hadizatu ta kulle ƙofar gida, ta taimaka wa Gogo ta hau bayan mota.