Lambun Baban Alheri

Asabe na tsane alayyahu a bakin famfon gidan hayarsu a Kwamba aka zo aka ce mata tirela ta bi ta kan babur ɗin mijinta Irmiya, da ake kira Baban Alheri, a Lambata. Ta yi kukan da za ta yi. Washegari kwamitin coci suka aiko cewa a kawo hoto mai kyau, za a buga a fosta da takardar jana'iza.

Hoto ɗaya tak ne ya fito da Irmiya yadda yake. Yana dariya har turamensa, sumar nan tasa a tsaye cirko-cirko, furfura ta yi mata ado. Tun aurensu Asabe ke yaƙi da wannan suma, shi kuwa ya ce aski na masu neman aiki ne. Matsalar ita ce inda aka ɗauki hoton. A shagon giyar Madam Eugene ne, bayansa korayen kwalabe jere a kanta har sama, ga wani ya kife kai a tebur. Irmiya kuwa shi ne mai ganga a ƙungiyar mawaƙan coci.

Ƙaninsa Barnabas ya ce abu mai sauƙi ne. Ya danna wani abu a wayarsa, bayan hoton ya dushe nan take. Ya miƙa mata yana taƙama.

Asabe ta duba. Wayar ta yi wa Irmiya askin da ya ƙi yi da ransa. Gefen kan ya zama kamar ɓera ya gaigaye, rabin kunne ya tafi, sannan a tsakanin gashin ga wuyan kwalba ɗaya ya fito sarai.

"Wane ne wannan?"

"Yaya mana. Ko in ɗora masa hula? Anti, wa zai tsaya kallon gashi ranar biso?"

"Ni zan tsaya. Yana raye ban ci nasara a kan sumar nan ba, kai ne za ka ci da yatsa ɗaya?"

Ta ɗaura zane ta hau keke napep zuwa Kurmin Sarki, shagon Adenike mai wanke hotuna. Adenike ta yi mata gaisuwa, ta sa hoton na asali a kwamfuta, ta ƙura wa kwalaben ido.

"Mama, wannan wace coci ce?"

"Wadda ya fi zuwa. 'Yata, ɓoye mini su, amma kada ki taɓa masa ko sili ɗaya."

Adenike ta mai da hoton biyu, ɗaya a kan ɗaya. A na sama ta zagaye jikin Irmiya ta ware shi. Da ta zo kai sai ta ƙara girman hoton har kowane sili ya zama kamar tsinken tsintsiya, ta ɗauki buroshi mai laushi ta rinƙa bin bakin sumar a hankali, kwamfuta na tsince gashi tana sakin kwalba. Inda koren kwalba ya rina bakin furfura, ta rage launin. Asabe na tsaye a kanta.

"Ga wani can, wanda ya karkace ta hagu. Kullum haka yake tashi da shi."

Sai Adenike ta ɓoye na saman, ta koma na ƙasan, ta shafe Irmiya gaba ɗaya, ta cike gurbinsa da kanta da kwalabe. Ga shago, ga mai barci a tebur, babu shi.

Asabe ta dafe kujera. "Ina kika kai shi?"

"Yana nan, Mama. In na dusar da bayan yana ciki, baƙin gashinsa zai malale ya yi masa inuwa a kewaye kamar hayaƙi. Bari in gama."

Asabe ta zauna. Ta kalli wurin da babu kowa, hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Adenike ta ja dushewar kaɗan-kaɗan har rubutun kwalaben ya narke, ta tsaya kafin ya yi yawa, don kada mutumin ya zama kamar an manna shi. Ta danna, Irmiya ya dawo, da dariyarsa da kowane sili, bayansa kore shar.

Ranar jana'iza fasto ya ɗaga takardar sama. Ya ce jama'a su dubi ɗan'uwa Irmiya cikin korayen ganyaye, mutum mai son lambu da shiru, alamar inda yake hutawa yanzu. Daga bencin baya Madam Eugene ta kama tari har sai da aka kai mata ruwa. Masu ganga duk suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Asabe ta ce amin da ƙarfi, ta fi kowa.

Hoton yana rataye a falonta, sama da talabijin. Kowace safiya kafin ta ɗora ruwan koko, sai ta goge gilashin da gefen zaninta, ta ce masa, "Mai lambu, an tashi lafiya? Yaya ban ruwa?"