Haƙoran Baba a Hoto

Baba ba ya dariya a gaban kyamara. Shayi da kofi na shekarun tuƙin babbar mota sun rina masa haƙora, shi ya sa da an ce a tsaya hoto sai ya datse baki. Ranar da ya ajiye aiki ne kawai dariya ta kufce masa, mai hoto kuwa ya kama ta.

Auta, wadda gyaran hotuna ne aikinta, ta ce wannan za a faɗaɗa a rataye a falo. Sai dai Yaya ya riga ta gyara hoton. Ya shigo shagon da take aiki yana miƙa mata wayarsa.

"Na hutar da ke. Dannawa ɗaya, kin gani?"

Haƙoran sun yi fari fat kamar tangaran, har tsagin da ke tsakaninsu ya ɓace.

"Yaya, wannan ai fitilar mota ka kunna masa a baki."

"To gwana, yi naki mu gani."

Ta ja kujera ta buɗe hoton na asali a kwamfuta. Ta zagaye haƙoran kaɗai, tana kauce wa dasashi da leɓe, ta sassauta gefen zagayen don kada iyakar gyaran ta fito. Sannan ta zuƙe launin rawayan gaba ɗaya. Haƙoran suka koma ruwan toka, fuskar Baba ta yi kamar ta mai jinya. Yaya ya tuntsire da dariya.

Ba ta kula shi ba. Ta dawo da rawayan, ta rage shi kaɗan kaɗan, ta bar saura, don haƙorin mai rai ba ya rasa ɗan ɗumin launi. Ta ƙara haske ƙiris, tana auna shi da farin idon Baba don kada ya zarce shi. Na can gefen baki ta bar su cikin inuwarsu. Ta ƙanƙantar da hoton, ta miƙe ta koma bakin ƙofa ta hango shi. Har yanzu haƙoran ne ke fara jan ido. Ta dawo ta rage ƙarfin gyaran.

"Wai ba ki gaji ba?" in ji Yaya.

"Sai na ga Baba kafin in ga haƙoransa."

Da aka wanko hoton, Inna ce ta fara karɓa. Ta daɗe tana kallo.

"Auta, ashe ba ki taɓa komai ba?"

Baba ya sa tabarau ya matso da hoton kusa da hanci. Ya kai ɗan yatsa kan haƙorinsa na gaba mai ɗan ɓalli.

"Wannan ma kin bar shi."

"Naka ne ai, Baba."

Ya juya ya dubi bango, ya ce Yaya ya sauke kalandar nan ya kawo guduma.