Ɗaya-Sifili-Sifili

Shekara goma sha biyu Datong ya yi a Legas yana ba jiragen sama hanya a gaban rada, na'urar da ke nuna su a allo, kuma babu wanda bai ji wannan labari ba daga Bukuru har Vom, don shi da kansa yake yaɗawa. Wai jirgi goma sha biyar yake riƙewa a lokaci guda, kowanne ɗigo a kan allo, da tsayinsa a rubuce a gefe, ya raba su mil biyar-biyar yana kurɓar shayi. Da aka dawo da shi gida Jos, ya hau hasumiyar filin jirgi, sai ya tarar babu allon. Rediyo ne, da taga, da 'yan takardun da ake rubuta kowane jirgi a kai. Ya yi dariya ya ce ai wannan hutu ne.

To amma doka ba ta san Legas ba. Duk wanda ya zo sabon wuri sai an gwada shi kafin ya zauna shi kaɗai, mai gwajin kuwa Madam Chundung ce, wadda ta girme shi a aiki, ba ta dariya sai a coci. In ba ta sa hannu ba, zai ci gaba da zama da mai duba shi a gefe kamar ɗan koyo, da furfurarsa da komai.

Ranar gwajin damina ce, gajimare ya sauko ya rufe duwatsu. Jirgi biyu kacal aka samu. Ɗaya na zuwa daga Abuja, ɗaya zai tashi zuwa can, hanya ɗaya, gaba da gaba. Inda babu rada, tsayi ne ke raba su, ƙafa dubu tsakani. Datong ya sauko da mai zuwa, ya kai shi ƙafa dubu goma sha ɗaya ya ce ya tsaya nan. Mai tashi ya ba shi izinin hawa dubu goma, kada ya wuce. A bakinsu na aiki, tsayin mai zuwa ɗaya-ɗaya-sifili, na mai tashi ɗaya-sifili-sifili.

Matuƙin da ya tashi ya maimaita izinin kamar yadda aka saba. Datong kuwa a lokacin idonsa na kan tebur, yana neman allon da ya baro a Legas, har yatsansa ya miƙa yana nuna gefen kofin Madam. Maimaicin ya shiga kunnensa rabi-rabi. Sifili biyu ya ji ko ɗaya? A Legas da sai ya jira ya ga lambar tana hawa, in ta zarce ya tsawata. Nan babu abin kallo, abin da kunne ya kama shi ke nan. Ya ce a ransa, kai Datong, mai jirgi sha biyar, yanzu a gaban matar nan za ka ce ba ka ji ba? Sai kuma ya tuna cikin gajimaren nan matuƙan ba sa ganin ko fiffikensu.

Ya danna rediyo ya ce matuƙin ya tabbatar da tsayin da aka ba shi. Murya ta dawo a natse: ɗaya-ɗaya-sifili. Wato wurin da mai zuwa yake zaune. Datong ya gyara masa, ɗaya-sifili-sifili, ya sa shi ya maimaita, wannan karon har da rufe ido yana saurare. Lokacin jirgin bai ma kai dubu takwas ba, da ya je dubu goma ya tsaya.

Daga nan Datong, Oga Legas, ya koma tambaya kamar tsohuwa a tasha. Kai mil nawa kake daga filin jirgi? Kai fa? Suna faɗa yana rubutawa. Sai da lissafin ya nuna sun gifta juna, har mil goma ta shiga tsakani, sannan ya saki na ƙasa ya hau, ya ba na sama izinin sauka. Shayinsa ya huce bai taɓa shi ba.

Da jirgin ya sauka Datong ya juya, sai ya ga babban yatsan Madam Chundung har yanzu yana kan maɓallin nata rediyon. Ta ce ta ƙirga shida kafin ya buɗe baki, da ta kai bakwai da ta karɓe aikin. Ya ce ai ya kama kuskuren. Ta ce ya kama, shi ya sa ba za ta rubuta ya faɗi ba.

"Amma sati biyu za ka ƙara a gefena, Oga. Kunnen nan naka ya daɗe yana hutu."

"Madam, in mutanen Bukuru suka tambaye ni fa?"

"Ka ce jiragen sun yi maka yawa."

Ya buɗe baki zai kawo zancen Legas, ya ga babu wanda zai saya, shi kansa ma ya ƙoshi da shi. Ya jawo sabuwar takarda, ya tambaye ta ƙarfe nawa jirgi na gaba zai zo. Ta ce sai gobe.