Mai Keke ko Maikeke

A kamfanin ɗab'in da take aiki ana kiranta Jan Biro, ko da yake ta daɗe da komawa gyara a kwamfuta. Aikin da ke gabanta tarihin rayuwar wani tsohon direban jirgin ƙasa ne, wanda ya zauna bayan ritaya ya buga abinsa da yatsa biyu, shafi kusan ɗari shida. Labari kam akwai shi, amma ƙa'idar rubutu sai a hankali. Suna ɗaya sai ya rubuta shi iri huɗu.

Don haka tun daga babin farko ta buɗe takardar ƙa'ida, inda take jera kowane suna da kowace kalma mai rigima, da yadda aka tsayar za a rubuta ta har ƙarshen littafi. “Ko'ina” a haɗe. “Sannu-sannu” da karan ɗori. Sunayen tashoshi da babban baƙi. Abin da ba ta da ikon yankewa sai ta tara, ta kira marubucin.

Wanda ya fi wahalar da ita amininsa ne na ƙuruciya, ɗan wani mai gyaran kekuna, da laƙabi ya cinye sunansa na yanka. A nan Mai Keke, a can Mai-keke, gaba maikeke, wani wurin ma mai keke da ƙananan baƙaƙe.

“Baba, yaya za mu yi da shi?” ta tambaya a waya.

“Ki haɗe shi, 'yata,” in ji tsohon yana dariya. “Dama ni da shi a haɗe muke.”

Ta shigar da shi takarda: Maikeke, kalma ɗaya, babban baƙi, ba karan ɗori. Ba ta yarda ta ce wa kwamfuta ta sauya duka a lokaci guda ba, don littafin cike yake da masu kekuna na gaske, masu kai saƙo da masu tallar ƙanƙara. Ɗaya bayan ɗaya take dubawa. Babin da ta gama sai ta miƙa wa mai tsara shafuka.

A babi na sha tara ta tsaya cak. Wurin da ƙanin marubucin ya rasu ne, yana yaro, a bakin titin gidansu. Sakin layin gajere ne, kamar wanda aka rubuta da gudu: “Mai keke ne ya buge shi, kansa ya daki dutsen kwata. Bai tsaya ba. Ban taɓa faɗa wa mahaifiyarmu abin da na gani ba.”

Farkon jimla ne, babban baƙin bai nuna komai ba. Ta duba gaba. Aminin ya ɓace daga littafin na tsawon babi biyar, sai ga shi a wurin wani biki ba wani bayani. Amma a daidai waɗannan shekarun aka tura marubucin wata tasha mai nisa, saboda haka ɓacewar ma ba hujja ba ce.

Ta kira lambar tsohon. 'Yarsa ce ta ɗauka.

“Anti, ai Baba ya faɗi tun makon jiya. Ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke.”

Ta same shi a gida, an jingina shi da filo a ɗakin da ke kallon tsakar gida. Ɗakin na warin man zafi. Tsohuwar kwamfutarsa na kan tebur an lulluɓe ta da tawul. Matarsa na zaune a bakin gado da kofi da cokali, babban ɗansa na tsaye a ƙofa. Jan Biro ta buga jimlar da manyan haruffa a takarda, sau biyu, sama a rabe, ƙasa a haɗe. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ɗaga takardar.

“Baba, wanne ne? In na sama ne ka matsa hannuna.”

Ya matsa. Ta sauke ajiyar zuciya.

“In na ƙasa ne fa?”

Ya sake matsawa, da ƙarfi ɗaya. Idonsa na kanta, ba kan takardar ba. Leɓensa ya yi ta motsi, yawu ya gangaro, matar ta goge masa da gefen mayafi.

“Haka yake yi wa kowa,” in ji matar. “Ko ruwa ka tambaye shi.”

Suka fito baranda. 'Yar ta riga kowa magana.

“Wani ne can. A sa ‘wani mai keke’ a huta. Maikeke shi ya yi mini huɗuba, 'ya'yansa gidan nan suka taso. Ya rasu, ba ya nan balle ya kare kansa.”

“To me ya sa bai faɗa wa Kaka ba, in baƙo ne?” in ji yayanta. “Me zai ɓoye? Shekara saba'in yana riƙe da abu, ya samu ya sauke, mu kuma mu mayar masa?”

“Yaya, ka ji tsoron Allah. Ƙila yadda yaron ya faɗi ne ba ya so ta ji.”

Suka juya ga mahaifiyarsu. Ta ce ita bayan abin aka auro ta, kuma gidan ba a taɓa ɗaga zancen ba.

“Ke da kika karanta duka,” ɗan ya ce wa Jan Biro, “me kika gani?”

“Na ga duka biyun,” ta ce.

A ofis ta yi wa manaja bayani. Ya ce ai abu mai sauƙi ne, a bar shi yadda marubuci ya rubuta.

“Ranka ya daɗe, ba ya baruwa. Da can da sunan ke zuwa iri huɗu, jimlar na iya ɗaukar kowace ma'ana. Yanzu ko'ina Maikeke ne a haɗe. In na bar wannan a rabe, na ce ba shi ba ne. In na haɗe, na ce shi ya kashe yaron.”

“A cire layin mana.”

“Ba nawa ba ne da zan cire.”

Ta roƙi a mayar da sunan yadda yake a asalin rubutun, kowane wuri da irin nasa. Mai tsara shafuka ya dafe kai. An gama zuba babi sha takwas, an fara fihirisa, maɗaba'a ta ba su rana, iyalin kuma na so littafin ya fito mai shi na da rai. Manaja ya ce ba zai fitar da littafin da suna ɗaya ke rawa iri huɗu ba, a ce kamfaninsa bai iya aiki ba.

Ta koma kan asalin rubutun ta bi duk inda sunan ya zo a farkon jimla, ko tsohon na da wata al'ada da za ta kama. Babu. Yadda yatsa ya faɗa haka yake bugawa.

Ranar da za a tura gwajin bugu na ƙarshe, yaya da ƙanwa ba su daidaita ba, kowa ya ce ta yi abin da ta ga ya dace. Ta daɗe tana kallon ɗan filin da ke tsakanin kalmomin biyu. Ta share shi, ta mayar, ta sake sharewa, ta mayar. A rabe ya tafi, ba ta ƙara “wani” ba, don aƙalla haruffan nasa ne.

Bayan littafin ya fito 'yar ta kira ta. Ta ce kullum da la'asar tana karanta wa Baba, yana lumshe ido yana saurare, har sun kai babi na sha tara.

“Anti, a baki fa duk ɗaya ne. Na rasa yadda zan faɗe shi. Sai na tsallake shafin.”

“Ya lura?”

“Ya buɗe ido dai. Ban sani ba.”

Jan Biro ta riƙe wayar, tana jin ƙarar cokali a kofi daga can ɓangaren. Ta ce a gaishe shi da jiki.