Labarin Birki Bai Shiga Takarda Ba

Shekara ashirin da biyu na yi ina ɗauko tumatir da albasa daga Arewa zuwa kasuwar Mile 12 a Legas. Bayana ne ya fara cewa ya isa haka, sannan matata Uwa ta faɗa da baki. Ana cikin haka Nassirou, wani ɗan Maraɗi mai gadin wata makarantar kuɗi a Ikeja, ya kawo mini labari cewa suna neman direban bas ɗin yara. Ka fita da safe, ka kwana a gidanka. Abin da nake nema ke nan.

"Amma Baba Na'Allah, takardar neman aikin shafi ɗaya suka ce," in ji shi. "Madam mai makarantar ba ta juya takarda. In ta ga biyu, sai kwandon shara."

Ni aji uku na yi a firamare. Saboda haka na tafi shagon Mansura a nan Agege, mace ce mai buga wa mutane takardu da kwamfuta. Na zauna ina faɗa da Hausa, tana juyawa zuwa Turanci. Da muka gama, inji ya fito da shafi biyu cif.

"Ƙanƙanta rubutun," na ce.

"Ya koma kamar tururuwa? Wa zai karanta?"

"To cire na biyun, a kai na farko."

Ta dube ni ta saman gilashinta. "Baba, na farkon nan gaisuwa ce da tarihin kakanninka. Aikin duk yana na biyu. Oya, gyara zama. Zan karanta maka, kai kuma ka gaya mini abin da kowane layi zai nuna wa matar nan."

Ana yayyafi a waje. Janareta na gunji a bayan shago, fanka na juyawa kamar ba ta so. Jirgin ƙasa ya wuce can nesa. Muryar Mansura ta riƙa zuwa mini kamar rediyon mota a kan doguwar hanya, na ji idona ya yi nauyi.

Gaisuwa ta fara cirewa, layi bakwai, har da tambayar lafiyar iyalin Madam da na malamai. Na ce wannan rashin tarbiyya ne, mutum ba ya shiga gidan mutane babu sallama. Ta ce sallama ɗaya ake yi, ba bakwai ba. Ta bar rabin layi.

Sai ta zo kan garuruwa. Na lissafa su duka, yadda nake bin su. Ina kallon gilashin kwamfuta, wani ɗan siririn layi yana tafiya da baya yana cinye su. Ogbomoso ta ɓace. Mokwa ta ɓace, da mai shayin da ke ajiye mini kofina daban. Tegina ta ɓace da hasken asubarta. Ji na yi kamar ana naɗe kwaltar daga bayana kamar tabarma. Abin da ya rage shi ne: shekara ashirin da biyu a babbar mota, lasisi yana da rai.

"Sau huɗu ka ce kai mai gaskiya ne," ta ce. "Ɓarawo ma haka yake rubutawa. Na cire. Ciwon baya da tsadar haya su ma na cire, direba take nema, ba wanda za ta ji wa tausayi ba."

Ta yi gaskiya. Amma har yanzu takarda ta haura shafi ɗaya da layi tara, kuma labari biyu suka rage. Ɗaya ne zai zauna.

Na farko shi ne na birki. A gangaren Jebba birki ya tsinke mini da kwando ɗari huɗu a baya, ga kasuwa a ƙasa. Da giya na riƙa rage ta, ɗaya bayan ɗaya, har na kwantar da ita a jikin tudu, ko akuya ban taɓa ba. A tasha har yau in na shigo, sai a ce ga mai Jebba.

"Wannan ba ya fita," na ce. "In ya fita, ni ma na fita."

"Wa ya gani?"

"Yaron motata. Ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. Akwai takarda?"

"Takardar me? Allah ya gani."

"Ya gani, Baba. Amma Madam ba ta gani ba. Kuma ka san abin da uwar yara za ta karanta a nan? Mutumin da ya hau hanya da motar da birkinta zai tsinke."

Na miƙe tsaye don fushi. Sai dai ruwa ya tsuge a waje, babu wurin zuwa. Na koma na zauna.

Labari na biyu a can ƙarshe na jefa shi, don kunyarsa nake ji. Wani lokaci da mai motarmu ya sayar da ita, na yi shekara huɗu ina kai 'ya'yan wata likita a Ketu makaranta, Dakta Halima Sa'adiya. Abokaina har reno suke kiran aikin.

"Yara nawa?" in ji Mansura.

"Uku."

"Sun taɓa makara?"

"Sau ɗaya, ranar da ruwa ya rufe hanya."

"Ka taɓa goga motar?"

"Ni? Haba."

Ina ba ta amsa, shagon ya yi nisa. Na ga kaina a wannan ƙaramar mota da sassafe, gilashi ya yi raɓa, ƙaramar cikinsu, Kalsum, ta yi barci da takalmi ɗaya a hannu. Na tuna yadda nake hawa tudun kwalta a hankali don kada kanta ya bugu. Shekara huɗu ina yin haka kullum, ban taɓa ba wa kowa labarinsa ba, don ban ɗauka labari ba ne.

"Kira ta yanzu," Mansura ta katse ni. "Ba a sa lambar mutum sai da izininsa."

Na kira. Dakta ta yi dariya, ta ce a sa, kuma Kalsum tana jami'a.

Mansura ta ɗauko layin nan daga ƙasa ta kai shi sama, nan da nan bayan sunan aikin da nake nema: shekara huɗu, yara uku, babu hatsari, makara sau ɗaya, ga lambar uwarsu. Na ce a cire makarar. Ta ce a bar ta, ita za ta sa a yarda da sauran. Sannan ta ɗora yatsa a kan Jebba, ta tsaya tana kallona.

"Share," na ce, na juya ina kallon ruwa.

Ranar Alhamis Nassirou ya shigar da ni ofis. Madam ɗin Bayarabiya ce, ba ta da yawan magana. Ta karanta a tsaye, bai kai minti ɗaya ba. A gabana ta danna lambar Dakta, suka yi magana da Turanci, na ji sunana sau uku. Ta ajiye waya, ta karɓi lasisina ta duba gaba da baya.

"Litinin, shida saura kwata," ta ce. "Gwaji na sati ɗaya."

Na fito na shiga danfo, ƙaramar bas ɗin haya, na samu kujerar baya kusa da taga. Ni da ba na iya runtsawa in wani ne a kan sitiyari, ban san lokacin da na wuce inda zan sauka ba. Sai a Iyana Ipaja kwandasta ya taɓa kafaɗata, yana cewa Baba, an iso.