Ranar Komawa

Imurana ya dawo unguwar Nima daga jana'izar uwarsa a Tamale, ya tarar an ba wani aikinsa na masinja a kamfanin katako.

“Hutun sati biyu ka rubuta, shi ke nan,” in ji akawun kamfanin. “Daga yaushe? Zuwa yaushe? Yaushe za ka dawo?”

Shi Imurana daga ranar da ya isa Tamale ya fara ƙirge. Ofis kuwa daga ranar da ya miƙa takarda.

Yayarsa Amama ta karɓi takardar sallamar tana huci. “Da ka rubuta: hutu daga 3 ga Maris 1986, ƙarshensa 16, komawa aiki 17, wa zai taɓa ka?”

Imurana ya sunkuyar da kai. Layi uku kacal, ga uwa babu, ga aiki babu.