Sunan Auta a Wasiƙar Ƙungiya

Taron ƙungiyar unguwa ya fara bayan azahar, bai tashi ba sai da rana ta kusa faɗuwa, kuma duk tsawonsa Sakatare bai buɗe baki ba. Ina zai samu dama? Kansa na sunkuye a kan littafi, wannan ya yi magana ya rubuta, wancan ya katse shi ya rubuta, ajin makarantar da aka ara musu ya yi zafi har rigarsa ta manne da baya. Mutum ne mai shagon buga takardu da fotokofi a bakin titi, kuma kowa ya san abin da ya sa ake zaɓensa sakatare shekara da shekaru: yana da inji, ba ya kuma ƙara gishiri a magana.

Maganar ruwa ce ta cinye taron. Duk damina kwatar layin ƙasa takan cika ta shiga gidajen mutane. Aka yi ta ja-in-ja, masu cewa a yashe, masu cewa an yashe bara me ya hana, har wani tela ya yi fushi ya fita ya dawo. Ana cikin haka sai ƙanin Sakatare, mai shagon aski, wanda duk unguwa ke kira Auta ko da yake ya aje 'ya'ya, ya miƙe ya gyara hula.

"Jama'a, muna ta faɗa da kwata, ita kuwa ba ta da laifi. Akwai tsohon kwalbati a bayan makarantar nan da aka toshe lokacin ginin katanga. A buɗe shi, ruwan ya bi hanyarsa ta dā."

Sai tafi. Wallahi har da masu buga benci. Shugaba ya ce a kaɗa ƙuri'a, hannuwa suka tashi, sannan ya juyo ya ce, "Sakatare, ka sa a wasiƙa cewa taro ya gode wa Auta. Da sunansa, ka ji ko?"

Sakatare ya ce ya ji. Amma biron ya tsaya masa a hannu, don wannan magana tasa ce. Shi ya gano kwalbatin, shi ya zagaya bayan katangar ya tono bakinsa da sanda har takalminsa ya lalace. Kuma a kujerar askin Auta ya faɗe ta, tawul a wuyansa, Auta na cewa "ƙwarai, Yaya, ƙwarai" yana kallon ƙwallo a talabijin. Ashe ɗan banza yana ji! Niyyar Sakatare ita ce ya kawo ta da kansa in an zo "sauran batutuwa", shi ke nan aka riga shi.

Haka abin yake tun suna yara. Shi ya ɗebo ruwa, Auta ya miƙa wa baƙo, a sa wa Auta albarka. Kishi ne, ya san kishi ne, kuma sanin bai rage masa komai ba.

Washegari da safe ya zauna gaban kwamfuta a shago. Aikin ya san shi kamar tafin hannunsa. Cikakken bayanin taro yana nan a littafi, ba a karanta shi sai zama na gaba, a nan ne mai gyara zai yi gyara kafin a amince. Wasiƙa kuwa shafi ɗaya ce da ake raba wa gida gida, don waɗanda ba su zo ba da waɗanda suka zo suka yi gyangyaɗi: an zauna ranar kaza, an tattauna kaza, an yanke kaza, wane zai yi kaza. Ya gama batun fitilun layi, ya gama na 'yan sintiri, ya iso kan ruwa. Ya buga, "Taro ya gode wa Auta mai aski bisa shawarar da ya kawo." Ya zauna yana kallon layin. Wata mata ta shigo da katin asibiti a yi mata kwafi, ya yi mata a juye, sai da ya sake. Da ta fita ya goge layin ya rubuta, "Bisa shawarar wani mamba, taro ya amince a buɗe tsohon kwalbati."

"Ai ba ƙarya na yi ba," ya ce wa injin. "Ni ma mamba ne."

Doka ce sai shugaba ya gani ya sa hannu kafin a raba. Shugaba dillalin kayan gini ne, Sakatare ya same shi ana sauke masa siminti, waya a kunne, yana yi wa direba masifa. Ya karɓi takardar, idonsa ya bi kan layukan da gudu, ya jingina ta da buhu ya sa hannu.

"Kai ai ba a duba maka aiki," in ji shi.

Wannan yabon ya ɗan soki Sakatare, amma bai hana shi buga kwafi ba. Kafin la'asar wasiƙa ta shiga kowane gida, ta shiga wayar kowa.

Saura gida ɗaya, na mahaifinsu. Baba yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, yanzu yanar ido ta hana shi fita, don haka duk wasiƙar da ta fito Sakatare ne ke zuwa ya karanta masa da bakinsa. Ya same shi a tsakar gida kan kujerar roba, rediyo a cinya, sandarsa jingine da bango.

"Babban yaya, ka zo da ita?" Haka yake kiransa in yana cikin nishaɗi. "Zauna, zauna. Jiya ƙaninka ya zo nan yana ta zuba, wai shi ya warware maganar ruwa, wai an yi masa tafi, wai shugaba ya ce a sa sunansa. Na ce masa kai Auta, na san bakinka, in ka ce goma sai na riƙe biyar. Bari takarda ta zo."

Yana faɗa yana murmushi, irin murmushin wanda ya riga ya yarda, so kawai yake a ƙara jiyar da shi daɗi. Sakatare ya ga murmushin nan, ya tuna shekarun da ya yi yana karanta masa wasiƙu ba a taɓa yi masa irinsa ba. Da ya ga dama da ya ƙara sunan da baki, wa zai sani? Bai ga dama ba. Ya karanta yadda take, a tsanake, har ƙasa.

Baba ya kashe rediyo.

"Maimaita min wurin ruwan."

Ya maimaita.

"Babu sunansa?"

"Abin da ke rubuce ke nan, Baba."

Tsoho ya murza gemu. Sannan ya ce da muryar da ta yi sanyi, "Ni da na ce yaron nan ya girma. Har na faɗa wa maƙwabcina da safe, na ce ɗana ne. A kira min shi."

Shagon askin ba nisa. Auta ya shigo da gashin wani a hannun rigarsa, yana dariya tun daga zaure, ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce, "Yaya, sannu da aiki." Da gani bai karanta wasiƙar ba. Auta ai ba ya karanta komai.

"Auta, me na yi maka da za ka riƙa yi min ƙarya don ba na gani?"

"Ƙarya kuma, Baba?"

"Ba shi takardar."

Auta ya karɓa ya bi ta da yatsa har ya iso wurin. Dariyar ta tafi. Ya ɗago ya dubi yayansa, yayan ya dubi bokitin da ke bakin famfo. Sakatare ya shirya wa rigima, har ya tanadi amsa: wasiƙa taƙaitawa ce, sunaye suna cikin littafi, wanda bai gamsu ba ya kawo gyara a zama na gaba. Kuma Auta na da shaidu cike da aji, ya kira shugaba a waya kawai magana ta ƙare. So ma yake ya kira ɗin, a yi ta ta fashe, ya samu ya faɗi abin da ke cinsa.

Auta ya ninke takardar.

"Baba, ka yi haƙuri. Shawarar ba tawa ba ce. A bakin wani na ji, na riga shi faɗa."

"Ka ji ko! To me ya kai ka?"

"Daɗin baki, Baba."

"Tashi ka ba ni wuri. Mutum da 'ya'yansa!"

Ya tashi. Da zai wuce ya aje takardar a gwiwar yayansa a hankali, ya fita.

Kai, wannan abu ya ƙona Sakatare fiye da tafin jiya. Yaron nan ko kunya zai sha sai ya sha ta da kyau! Ya ɗauke laifin, ya rufa wa yayansa asiri, ya kuma fita shi ne mutumin kirki, a gaban mutum ɗaya tak da ya san hakan.

Can Baba ya lalubo hannun Sakatare ya riƙe.

"Kai dai ba ka taɓa ba ni kunya ba. Kana wurin, ka ga kowa. Wane ne mamban nan? Ruwan nan ya ci mana tuwo a ƙwarya tun ina da ido. Faɗa min sunansa in sa masa albarka."

Ga ta nan, albarkar da ya yi shekaru yana jira, hannun Baba a kan nasa. Sakatare ya buɗe baki. In ya ce shi ne, Baba zai tambayi abin da ya hana shi rubutawa, gobe kuma wani da ya je taron zai zo ya ba da labarin wanda ya miƙe da wanda aka yi wa tafi. In ya ce Auta ne, to wa ya cire sunan?

"Ba ka ji ni ba ne?"

"Na ji, Baba," in ji Sakatare. "Mutane sun yi yawa. Ban riƙe ko wane ne ba."

Baba ya saki hannunsa, ya kunna rediyo.